PDF Ko Word: Wanne Manhajar Tace Masu Neman Aiki Ta Fi Iya Karantawa?

Idan mai neman aiki ya ɗora CV a shafin wani babban kamfani, galibi ba idon mutum ne ke fara ganin takardar ba. Manhajar da ake kira ATS ce ke karɓa, irin su Workday, Greenhouse, Lever, iCIMS, SuccessFactors na kamfanin SAP da Taleo na Oracle. Tana adana fayil ɗin kamar yadda aka turo shi, sannan ta miƙa shi ga wani sashe mai tsinto bayanai, wanda sau da yawa sayo shi aka yi daga kamfanoni irin su Textkernel, Daxtra ko RChilli. Wannan sashe aiki biyu yake yi a jere. Da farko ya zare rubutun fayil ɗin ya mayar da shi tsantsar haruffa, ba kala, ba ado. Daga nan ya bi haruffan yana rarraba su gida-gida: ga suna, ga lambar waya, ga muƙami, ga shekarun da aka yi a wurin aiki, ga makaranta.

Zaɓi tsakanin PDF da Word mataki na farko ya shafa. Kuma in mataki na farko ya lalace, na biyu ba shi da yadda zai yi, domin abin da aka ba shi yake rarrabawa. Abin lura kuma shi ne, karatun da ya karkace ba kasafai yake sa manhaja ta kori mutum nan take ba. Korar kai tsaye ta fi zuwa daga tambayoyin fom, kamar ko kana da izinin aiki a ƙasar ko shekara nawa ka yi a fagen. Ɓarnar mummunan karatu ta wata fuska take zuwa: bayananka su shiga gidajen da ba nasu ba, ko jami'in ɗaukar ma'aikata ya rubuta sunan wata ƙwarewa a akwatin bincike, kai da ka fi kowa cancanta ka ƙi fitowa.

Yadda kowane fayil ke riƙe rubutu

Fayil ɗin DOCX, wanda ya zama tsarin Word tun fitowar Office 2007, ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda. In ka kwafi fayil ɗin ka sauya ƙarshen sunansa zuwa `.zip` ka buɗe, za ka tarar da `word/document.xml` a ciki, kuma a nan rubutun yake zaune kamar haka:

```
<w:p><w:r><w:t>Accounts Officer</w:t></w:r></w:p>
```

Alamar `w:p` tana cewa wannan sakin layi ne, `w:t` kuma tana cewa ga haruffansa. Sakin layi na biyu yana bin na farko, na uku yana bin na biyu. Tazarar da ke tsakanin kalmomi ita ma a rubuce take. Manhaja ba ta da wani zato da za ta yi, karantawa kawai za ta yi daga sama har ƙasa.

PDF kuwa, da kamfanin Adobe ya fitar a 1993, an gina shi ne don shafi ya fito iri ɗaya a kowace na'ura da kowane injin buga takarda. Saboda haka abin da ke cikinsa umarnin zane ne:

```
BT /F1 11 Tf 72 700 Td (Accounts Officer) Tj ET
```

Ma'anarsa: ɗauki salon haruffa na ɗaya, girma 11, je wuri mai nisan maki 72 daga gefen hagu, wato inci ɗaya, da maki 700 daga ƙasan shafi, ka zana waɗannan haruffa. Ba a faɗi ko wannan kanun magana ne ba, ba a faɗi abin da ya gabace shi ko abin da zai biyo shi ba. Wasu manhajojin ma ba sa rubuta tazara tsakanin kalmomi, matsar da alƙalamin zane kawai suke yi gaba kaɗan. DOCX kamar carbi ne da zarensa, ko ka ɗaga shi ta ina 'ya'yan a jere suke. PDF kuwa 'ya'yan carbin ne aka jera a kan tabarma da kyau ba tare da zare ba. Mai kallo zai ga jeri, amma wanda aka ce ya kwashe su dole ya yi ta lissafin wanne ke bin wanne.

Wannan lissafi ne manhajar ke yi da kowane PDF. Tana duba haruffan da tsayinsu daga ƙasan shafi ya yi daidai ta ce layi ɗaya ne, ta auna gibin da ke tsakaninsu ta ce nan kalma ta ƙare. Idan shafin jeri ɗaya ne daga sama zuwa ƙasa, lissafin yana fitowa daidai kusan kullum, shi ya sa manhajojin yau ke karanta PDF mai sauƙin tsari ba tare da wata gargada ba. Matsala tana tasowa ne idan shafin ya ba ta damar yin kuskure.

Shafi mai ɓangare biyu

Mu ɗauki CV na wani akanta da aka tsara a ɗaya daga cikin samfuran da ake yayi: siririn ɓangare a hagu mai ɗauke da ƙwarewa, faffaɗan ɓangare a dama mai ɗauke da tarihin aiki. A ido yana da kyau ƙwarai. A hagu an rubuta kanun ƙwarewa da abubuwa uku a ƙarƙashinsa, a dama an rubuta kanun tarihin aiki, muƙami, kwanan wata da bayanin aikin. Tun da layukan ɓangarorin biyu suna kan tsayi ɗaya, manhajar da ke bin shafi layi-layi za ta iya fitar da wannan:

```
SKILLS E X P E R I E N C E
Excel Accounts O cer
QuickBooks Jan 2019 - Mar 2022
Payroll Prepared monthly nancial reports
```

Ɓarna uku ce a cikin waɗannan layuka huɗu, kuma kowacce da nata dalili.

Ta farko ita ce cakuɗuwar ɓangarori. Muƙamin mutumin ya haɗe da sunan manhajar lissafi, kwanan watan kuma ya manne da `QuickBooks`, don haka sashen rarraba bayanai zai iya ɗauka cewa wannan ne sunan kamfanin da ya yi wa aiki daga 2019 zuwa 2022. In kuma ya kasa haɗa kwanan watan da wani muƙami, shekara uku da 'yan watanni sun fita daga lissafin gogewarsa.

Ta biyu ita ce kanun da ya tarwatse harafi-harafi. Mai tsara samfurin ya buɗa tazarar haruffan kanun don ƙawa, gibin ya kai girman da manhaja ke ɗauka a matsayin ƙarshen kalma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da kanun magana sashen rarrabawa ke gane inda tarihin aiki ya fara. In bai ga kalmar da ya sani ba, duk abin da ke ƙarƙashi ya rasa gida.

Ta uku ta fi ɓuya, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A salon haruffa da yawa, idan `f` da `i` suka zo a jere, ko `ffi`, manhajar tsara shafi tana maye gurbinsu da zane guda ɗaya da ya haɗe su don su fi kyan gani. A cikin PDF, abin da ake ajiyewa lambar zanen ce, ba harafin ba. Domin a iya komawa daga zane zuwa harafi, ana haɗa wani ɗan jadawali mai suna `ToUnicode` da ke cewa zane mai lamba kaza yana nufin haruffa kaza. Idan manhajar da ta yi PDF ɗin ba ta cike jadawalin da kyau ba, zanen zai bayyana daidai a allo, amma wajen zare rubutu sai ya zama gibi, ko akwati, ko wata baƙuwar alama. Haka `financial` ke komawa `nancial`, `Officer` ya koma `O cer`. Ga akanta wannan babbar asara ce, domin kalmomin da ake nemansa da su, irin su `finance`, `profit`, `office` da `certified`, duk suna ɗauke da waɗannan haruffa. In jadawalin ya ɓace gaba ɗaya, duk shafin na iya fitowa tarkace, alhali mai shi yana kallonsa lafiya lau.

Akwai wani abu makamancin wannan da ya shafe mu kai tsaye. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane salon haruffa ke da su ba. Idan wanda ka zaɓa ba shi da su, manhaja za ta aro su daga wani salon, harafin ya zama guntu mai zaman kansa a cikin PDF, wani lokaci sunan ya rabe biyu wajen zarewa. Ko da ya fito daidai, ba lallai ba ne binciken `Danjuma` ya kamo wanda ya rubuta Ɗanjuma, domin a wurin kwamfuta haruffa biyu ne daban. Ina ganin abin da ya fi a CV na Turanci shi ne mutum ya rubuta sunansa yadda yake a fasfo da takardun makaranta, tunda da su za a gwada daga baya.

PDF ɗin da hoto ne kawai

Mafi munin hali shi ne fayil ɗin da babu harafi ko ɗaya a cikinsa. Wannan yana faruwa idan aka buga CV a takarda a shagon buga takardu, aka sa hannu, aka yi masa sikanin ko aka ɗauke shi da kyamarar waya, sannan aka adana da sunan PDF. Haka ma idan aka zaɓi `Flatten PDF` wajen saukewa daga shafin zayyana na Canva, ko aka mayar da haruffa zane a manhajojin zayyana. Abin da ke ciki hoton rubutu ne. Wasu manhajojin ATS suna da OCR, wato fasahar gane haruffa daga hoto, wasu ba su da ita, kuma mai nema ba ya ganin wacce ya faɗa. Ko akwai ta, tana rikita `rn` da `m`, sifili da harafin `O`, lamba `1` da ƙaramin `l`. Harafi ɗaya a adireshin imel ya isa ya sa saƙon gayyata ya tafi wani wuri.

Mayar da irin wannan fayil zuwa Word ta shafukan sauya fayil ba ya warkar da shi. Ko dai ka sami DOCX mai hoto a manne a ciki, ko ka sami wanda aka cika da ƙananan akwatunan rubutu don a kwaikwayi kamannin shafin. Sauya ƙarshen sunan fayil da hannu daga `.pdf` zuwa `.docx` kuwa ba sauya fayil ba ne, zai ƙi buɗewa ne kawai.

Inda Word ke tuntuɓe

Kada a ɗauka duk abin da aka adana a DOCX ya tsira. Zaren nan da ke riƙe jeri, babban rubutun shafi kawai ya ratsa. Abin da aka sa a `Header` da `Footer` yana zaune a wasu fayiloli daban cikin ƙunshin, irin su `header1.xml`, kuma wasu manhajojin ba sa leƙa su. Abin takaici, can ne mutane suka fi son sa suna, lambar waya da imel. Sakamakon shi ne CV cikakke wanda ba a san mai shi ba.

Sai `Text Box`, wanda samfuran Word masu ado suka dogara da shi. Akwatin yana rataye ne a jikin wani sakin layi, ba a inda ido ke ganinsa ba. Wata manhajar ta tsallake shi, wata ta karanta shi a wurin da aka rataye shi, wata kuma ta karanta shi sau biyu, saboda Word yakan ajiye kwafi biyu na akwatin, ɗaya don sabbin manhajoji ɗaya don tsofaffi. Jadawalin Word kuma, wato `Table`, ana karanta shi ne sahu-sahu daga hagu zuwa dama, don haka wanda ya yi amfani da jadawali mai sahu da yawa don raba shafi gida biyu zai sami cakuɗuwa irin ta akantan nan. In ana son kwanan wata ya tsaya a gefen dama na layin muƙami, a yi amfani da maɓallin `Tab` sau ɗaya tare da saita tsayawarsa a dama, ba jadawali ba, ba kuma danna tazara sau talatin ba.

DOCX yana da wasu raunuka biyu da suka shafi mutum mai karantawa. In kwamfutarsa ba ta da salon haruffan da ka zaɓa, za ta musanya da wani, shafi biyu ya tsallaka zuwa uku. Sannan in wani ya gyara maka CV da `Track Changes` a kunne, rubutun da aka goge da sharhin mai gyara suna nan cikin fayil ɗin har sai ka shiga `Review` ka karɓi gyare-gyaren duka ka share sharhin.

To wanne za a tura?

Umarnin sanarwar aikin ne kan gaba. In an ce PDF, a tura PDF. In an ce Word, a tura Word. Kamfanonin da ke samo wa wasu ma'aikata sukan nemi Word ne domin su sake zuba bayanan a takardarsu mai tambari. In ba a faɗa ba, a duba ƙananan rubutun da ke kusa da maɓallin ɗorawa, nan ake lissafa nau'o'in da ake karɓa da iyakar girman fayil. Fayilolin `.pages` na Apple da `.odt` ba ko'ina ake karɓarsu ba, gara a guje su.

Idan duka biyun ana karɓa, ra'ayina shi ne wannan. A fom ɗin da ke cike gurabensa da kansa daga CV, DOCX mai jeri ɗaya ya fi ƙarancin haɗari, domin babu lissafin da za a yi kuskurensa. PDF da aka fitar daga wannan DOCX ɗin kuma ya ci gwajin da ke tafe, kusan kafaɗa da kafaɗa suke, ga shi yana tsare kamannin shafi. In kuwa ta imel za a tura wa mutum kai tsaye, PDF ne, musamman da yake da yawa a waya za su buɗe. Tazarar da ke tsakanin DOCX mai tsabta da PDF mai tsabta ƙarama ce. Tazarar da ke tsakanin shafi mai jeri ɗaya da shafi mai akwatuna ita ce babba. Don haka a riƙe uwar takarda ɗaya a Word ko Google Docs: jeri ɗaya, salon haruffa sananne kamar Arial ko Calibri mai girma 10 zuwa 12, suna da lambar waya a layukan farko na cikin shafi, kanun magana na yau da kullum, ba ƙananan zanen waya da ambulan a madadin kalmomi. Daga ita ake fitar da duk abin da aka nema.

Hanyar fitar da PDF ita ma tana da tasiri. A Word na Windows a bi ta `File`, `Save As`, a zaɓi PDF, a danna `Options`. A tabbata an sa alama a `Document structure tags for accessibility`, wanda ke saka bayanin kanun magana da jerin karatu a cikin fayil ɗin. Ba kowace manhaja ke amfani da shi ba, amma ba ya cutarwa. A lura da `Bitmap text when fonts may not be embedded`: in salon haruffan da ka sauko da shi daga intanet bai yarda a saka shi cikin fayil ba, wannan zaɓi zai mayar da rubutun hoto. Bi ta `Microsoft Print to PDF` yakan bar rubutun, amma yana zubar da wancan bayanin tsari da mahaɗan da ake dannawa. Kada kuma a sa wa fayil kalmar sirri ko takunkumin kwafa. CV mai shafi biyu na rubutu zalla bai cika wuce kilobait ɗari biyu ko uku ba. In ka ga megabait huɗu ko biyar, akwai hoto mai nauyi a ciki, ko kuma shi kansa hoto ne.

Gwajin minti biyar

Buɗe PDF ɗin a kwamfuta, danna `Ctrl+A` sannan `Ctrl+C`, buɗe Notepad ka danna `Ctrl+V`. In babu abin da ya zaɓu, ko shafin ya zaɓu dunƙule guda, hoto ne. In rubutu ya fito, karanta shi daga farko har ƙarshe kamar ba ka taɓa ganinsa ba. Sunanka da lambarka suna sama? Kowane muƙami yana tare da kamfaninsa da kwanan watansa? Sannan danna `Ctrl+F` ka nemi kalmomi biyu ko uku masu `fi` ko `ti` da ka san suna ciki. In ba a same su ba, canza salon haruffa ka sake fitarwa. A waya, danna kalma ka riƙe. In ba ta zaɓu ba, a yi shakkar fayil ɗin, ko da yake wasu wayoyin suna gane rubutu daga hoto, don haka gwajin kwamfuta ya fi aminci. Ga DOCX kuma, adana kwafi a matsayin `Plain Text` ka buɗe, ka duba abin da ya ɓace ko ya sauya wuri.

Mai son ya ga cikin fayil ɗin sosai zai iya amfani da kayan aikin Poppler, kyauta ne:

```
pdftotext -raw cv.pdf -
pdffonts cv.pdf
```

Umarni na farko yana nuna rubutun a jerin da aka ajiye shi cikin fayil. Na biyu yana lissafa salon haruffan da ke ciki. In lissafin ya fito fanko, babu rubutu sam. In ka ga `Identity-H` a ƙarƙashin `encoding` tare da `no` a ƙarƙashin `uni`, jadawalin komawa harafi ne babu, kuma akwai yiwuwar tarkace za a zaro.

Wannan gwaji ba shi ne ainihin manhajar kamfanin ba, kowacce da yadda take lissafinta. Amma abin da ya lalace a Notepad da wuya ya gyaru a can. Gwaji na gaskiya yana zuwa ne bayan ka ɗora, a shafuka irin na Workday da ke cike fom daga CV ɗinka su nuna maka. Abin da ka gani a guraben nan shi ne abin da manhajar ta fahimta. In kwanan wata ya shiga gurbin kamfani, ko makaranta ta zama wurin aiki, cire fayil ɗin ka ɗora ɗaya nau'in ka ga ko ya fi. In duka biyun sun bar kuskure, gyara guraben da hannu ɗaya bayan ɗaya kafin ka danna `Submit`, ka kuma koma uwar takardar ka duba layin da ya jawo rikicin, domin shi ne zai sake jawo shi a kamfani na gaba.